Jini yana daskarewa kuma yana zuba lokaci guda, ta yaya?

Assalamu alaikum, masana lafiya, ina neman taimakonku. Ƙanwata tana kwance a asibiti bayan mahaifa ta rabu da mabiyiya kafin haihuwa. Likita ya ce ta samu abin da suke rubutawa DIC, wai jininta na daskarewa a cikin ƙananan jijiyoyi, amma kuma yana zuba. Da idona na ga jini yana tsatsowa daga wurin da aka sa mata allurar ƙarin ruwa, ga tabo shuɗi-shuɗi a hannunta, dasashinta ma yana jini.

Bayanin da na fahimta shi ne, jiki ya fara daskarar da jini ko'ina ba ƙaƙƙautawa, har ya cinye ƙwayoyin da ke toshe rauni da sinadaran daskarewa, to da aka zo wurin da ake buƙatarsu sai babu. Ƙananan gudajin kuma suna toshe hanyar jini zuwa ƙoda, shi ya sa ake auna fitsarinta kowace awa.

Inda na maƙale shi ne maganin. An ƙara mata jini da ruwan jini mai sinadaran daskarewa. To ba kamar ƙara wa wuta itace ba ne? Na ji ana ba wasu masu wannan ciwo maganin tsinka jini, ita kuma ba a ba ta ba. Likita ya ce babban magani shi ne kawar da musabbabin, an kuma riga an ciro jaririn da mabiyiya. Me ke sa a zaɓi wannan a bar wancan, kuma wane gwaji ne zai nuna ta fara samun sauƙi?