Taimako: iyakokin da na samu kan 1 + 1/2 + ... + 1/n sun yi faɗi da yawa

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa masu lissafi. An ba mu aikin nemo n mafi ƙanƙanta da jimlar H(n) = 1 + 1/2 + 1/3 + ... + 1/n za ta haura 10, ta hanyar kwatanta jimlar da intigiral, wato faɗin filin da ke ƙarƙashin lanƙwasar y = 1/x.

Da yake 1/x kullum raguwa yake yi, a tsakanin k da k+1 filin bai kai 1/k ba, amma ya fi 1/(k+1). Da na tara su sai na samu ln(n+1) < H(n) < 1 + ln(n). Na gwada da n = 10: hagu 2.398, jimla 2.929, dama 3.303, ya yi daidai.

Matsalar ita ce wannan yana nuna kawai cewa n na tsakanin kusan 8,100 da 22,000. Sai na tara goman farko da hannu, na bar wa intigiral sauran, tazarar ta dawo kusan 11,770 zuwa 12,950. Har yanzu da saura.

A nan na cije. Ina ganin in aka auna filin daga k − 1/2 zuwa k + 1/2 zai fi kusa da 1/k, domin rarar gefe ɗaya ta kusa cike giɓin ɗayan. To yaya zan tabbatar cewa ya fi 1/k, kuma yaya zan ƙayyade jimlar ɗan bambancin da ya rage? Don Allah a nuna mini matakin, ba amsar kaɗai ba. Na gode.