An cire maka kuɗin VPN ko antivirus ba da saninka ba?

Abin da waɗanda suka taɓa shiga wannan hali suka fi nanatawa shi ne goge manhaja daga waya ba ya tsayar da cire kuɗi. Inda ka saya, can za ka soke. Idan ta Google Play ne, shiga Payments & subscriptions ka kashe sabunta biyan kuɗin da ake yi kai tsaye.

Bayan sokewa, manhajar na ci gaba da aiki har ƙarshen wa'adin da ka biya. Amma idan ka nemi a maido maka kuɗinka, yawanci nan take ake katse ta. Daga nan VPN ba ta ɓoye adireshin IP ɗinka, antivirus kuwa takan daina samun bayanan sababbin ƙwayoyin cuta. A Windows gara ka cire antivirus ɗin gaba ɗaya, Microsoft Defender, antivirus ɗin da ke zuwa da Windows, ya karɓi aikin.