Na kira tsohon maigidan yaro, amsarsa ta tsaya mini a rai

Maman Nafisa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da butik na atamfa a Wadata, zan ɗauki yaro ya riƙe mini shago don ina yawan zuwa Kano sayen kaya. Wanda aka kawo mini ya ce ya yi aiki wajen wani Alhaji a Tawa, ya ba ni lambarsa. Na kira, na ce yaya halinsa, sai ya yi shiru kana ya ce "to, ba laihi, yaran yanzu sai addu'a". Ke nan. In ɗauke shi ko in bari?

Dan Adar: Hajiya ki ɗauki ɗan dangi ki huta.

Malam na Katako: Wa alaikumus salam. Hajiya tambayar ce ta yi faɗi. In kika ce yaya halinsa ba Bahaushen da zai ce miki ɓarawo ne, kunya da tsoron giba ba za su bar shi ba. Ki sake kira ki tambayi abin da ke da amsa guda: wane wata ya fara, wane wata ya bari, shi ke riƙe kuɗin ciniki ko ɗauko kaya kawai yake, yana da izinin ba da bashi, shi ya tafi ko sallamarsa aka yi. Amma ki fara tambayar yaron waɗannan ki rubuta, sannan ki gwama. In yaro ya ce shekara 2 da makulli a hannunsa, Alhaji ya ce wata 7 kuma bai taɓa riƙe kuɗi ba, kin samu amsa ba tare da kowa ya ci naman wani ba.

Baban Halidu: Wace lamba ma tukuna? Ni haka aka yi mini. Yaro ya ba ni lambar maigidansa, na kira, mutum ya yabe shi kamar zai ba shi ɗiyarsa, ashe abokinsa ne da suke shan shayi a fada ɗaya. Na tai Lome na dawo na tarar an rubuta bashin jikka 600 da sunayen mutanen da ba su san da zancen ba. Mun je komisariya, uwarsa ta zo tana kuka, dattawan unguwa sunka sa baki, har yau jikka 80 kaɗai na gani. Wallahi in na tuna zuciyata tafasa take.

Zinariya: Subhanallahi. Kai ma jikka nawa kake biyansa?

Baban Halidu: Jikka 20 da kuɗin abinci, haka kowa ke biya.

Zinariya: Ba kowa ba, ni 35 nake ba tawa.

Dan Adar: Doka ma jikka 30 ta ce.

Malam na Katako: Da ke nan, daga Janairun 2024 mafi ƙanƙanta jikka 42 ne. Amma Baban Halidu ya taɓo wuri. Hajiya kada ki tsaya ga lambar da yaro ya ba ki, ki sa wani naki a kasuwar Tawa ya taka har shagon ya karɓo lamba, ya kuma tambayi maƙwabcin shago. Ta ƙarshe ki ce: Alhaji in ya dawo gobe za ka sake ba shi makulli? Sai ki yi shiru, kada ki taya shi amsa. Wanda ya ji daɗin yaro nan take zai ce e, har ya kawo miki labari. In ya koma yabon sallarsa da gaisuwarsa alhali kuɗi kika tambaya, to wajen kuɗin ne matsalar.

Zinariya: Malam ban yarda duka ba. Wani maigidan haushi yake ji don yaro ya bar shi, ko yana riƙe da albashinsa. Shiru ba shaida ba ce.

Malam na Katako: Shi ya sa ba a tsayawa ga mutum ɗaya. Ta kuma ce masa shawara take nema, malamai sun ce faɗin gaskiya ga mai neman shawara ba giba ba ne, wasu sai sun ji haka bakinsu ke buɗewa.

Baban Halidu: Malam kai ka taɓa yin asara kuwa? Wanda bai ƙone ba ya bar mu mu yi magana.

Sarkin Shayi: Ni a ba ni aikin, mai shaidata surukata ce, ita ba ta shiru 😂

Maman Nafisa: Na gode. Yaron ya ce shekara ɗaya da rabi, na rubuta. Akwai ƙanen mijina a Tawa, zai je ranar Lahadi.

Zinariya: Ni abin da ya fi ci mini rai maƙwabta ne. Ki koya ma yarinya aiki, ta san kastomomi, sai ta kusa da ke ta ƙara mata jikka 5 ta janye ta, ko kiranki ba za ta yi ba.

Dan Adar: Mu a layinmu har da littafin bashi aka tafi da shi.

Baban Halidu: Wane layi ne? Don na san mai irin wannan hali.