Fitilar sensa na kamawa, PLC bai gani

Ɗan Argungu: Salamu alaikum 'yan uwa. Injin casar shinkafar da nake kula da shi ya tsaya tun jiya, ga tirela biyu na jira, maigida sai kira yake, ni kuwa ko albashin watan jiya ban gani ba. Sensar ƙofar mazubi ce. In na kara mata ƙarfe fitilarta na kamawa, amma ta tashar `I0.3` a jikin PLC, kwamfutar da ke sarrafa injin, shiru. Na sa sabuwar sensa, na auna na ga bolt 24. Modul ɗin PLC da ke karɓar wayoyin sensa ne ya ƙone?

Mai Wayarin: Ya ƙone mana. Haka tsawa ta yi mana a Gusau da damina, wata biyu muna jiran sabo, ƙarshe a kuɗina aka cire.

Injiniya: Kar ka sayi komai tukuna. Bolt 24 ɗin tsakanin me da me? In tsakanin baƙar waya da mai ruwan ƙasa ka gan shi, to sensa irin NPN aka sayar maka. Ita zuwa sifili take jan layi, modul mai `COM` a kan sifili kuwa PNP yake jira. Fitilar sensa ba shaida ba ce, ta nuna an ga ƙarfe ne kawai. Auna baƙa da shuɗiya.

Ɗan Argungu: Oga, PNP ce, na karanta jikinta. Ba yau na fara ba.

Baban Hajara: Ɓera ne. Ka taɓa ganin gidan shinkafa da kebul lafiyayye? Ja sabo ka huta.

Ɗan Argungu: A fanel, in na zare wayar daga `I0.3` mita na ba ni 23. Ina mayarwa sai ya faɗo 8.

Injiniya: Yauwa, da wannan ka fara. Mita kusan ba ta jan wuta, ko silin waya ɗaya mai tsatsa zai nuna mata 23. Modul kuwa yana jan 'yan miliamfa, kuma yawancinsu sai wuta ta kai wajen 15 suke amsawa. Takwas ba ta isa ba. Ko dai mahaɗa ta ci tsatsa a hanya, ko tashar ce ke shanye wutar. Ka kashe wutar motocin injin ka kulle, don kar bel ya tashi da hannun wani. Zare wayar, ɗauko guntuwa daga `+24V` na fanel ka taɓa `I0.3`. In fitila ta kama, manhaja ma ta nuna 1, modul lafiya lau. Sai ka mayar da wayar, ka auna baƙa da shuɗiya a gindin sensa. Ka ga 23 can, 8 nan, laifin kebul ne.

Mai Wayarin: Wahala kawai. Mayar da wayar wata tashar da ba kowa.

Injiniya: Wa zai canza adireshin a manhaja, kai?

Ɗan Argungu: Wanda ya haɗa fanel ɗin ya sa kalmar sirri, kuma ba ya ɗaga waya. Kebul kuwa ni na ja shi bara da hannuna, mahaɗa ɗaya ce tak, na naɗe ta da salatif sosai.

Baban Hajara: A ina mahaɗar take?

Ɗan Argungu: Bayan tukunyar turara. Amma ba ita ba ce. Wa ya san farashin modul a Kano?