Me za mu kira "banta" da Hausa?

Mai Tambaya: Jama'a barkanmu da yamma. Ni da wani abokina muna fodkas na minti 25 duk mako, ina rubuta wa sababbin yaranmu takardar yadda muke aiki, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Turawa suna cewa "banta", wato wannan 'yar tsokana da masu gabatarwa biyu ke yi wa juna, mai sauraro ya ji kamar a bakin shago suke zaune, alhali akwai takarda a gabansu da suke bi. Na rubuta "barkwanci" na goge. Na rubuta "hira" na goge. Wa ke da abin da ya fi?

Ɗan Sabon Gari: Ai "shirin sauti na intanet" ake cewa, ko ka bar shi fodkas kawai, kowa ya gane.

Mai Tambaya: Ɗan'uwa, ba sunan shirin nake nema ba, abin da ke faruwa a cikinsa nake nufi.

Bazazzagiya: Me ya sa ka goge barkwanci? Shi ne fa. Abin da ke tsakaninmu da Kanawa, ko Fulani da Barebari, ko jika da kakarsa. Ko da yake na san Bakano ne ya kawo tambayar, in ba a sa kuɗi a cikin magana ba ba ya gane ta.

Ta Maraɗi: Gaskiyar Yaya ce ta wani gefen. A nan wajenmu wasan taubasai abu ne babba, har UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya na Nijar a 2014. Amma shi wannan wasa gadonsa ake yi, tun kafin a haife ka an san wa za ka tsokana kuma ba zai yi fushi ba. Masu fodkas su suke gina nasu da kansu.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: Bari in sa baki, don na ci shekaru ina wannan aiki. Barkwanci yana sa a zaci dole a yi dariya, kuma nan ne sababbi ke faɗuwa: sai su rubuta abin dariyar a takarda. Abin dariyar da aka rubuta, aka kuma gwada shi kafin a kunna na'ura, ya mutu. Abokinka ya riga ya ji shi, dariyar da zai yi ta biyu ta aro ce, kuma kunne yana ganewa. Alamun karatu ba su da wuyar kamawa. Amsa takan iso kafin tambaya ta gama fita, ko ka ji dariya ta riga ƙarshen labari. Sannan 'yan ƙananan kalmomin nan da bakin Bahaushe ba ya rabuwa da su, "to", "kai", "ka ji fa", "haba dai", duk sai su ɓace, jimloli su fito a goge kamar labaran ƙarfe bakwai.

Mai Tambaya, faɗa mana yadda takardarku take, daga nan kalmar za ta fito.

Mai Tambaya: Ranka ya daɗe, da farko komai muke rubutawa, shafi shida. Wata ƙanwata ta saurara ta ce kamar wasan kwaikwayon 'yan firamare. Sai muka yi fushi muka yar da takarda gaba ɗaya, shirin da muka yi a kan adashi ya kai minti 50, rabinsa labarin wani ɗan acaɓa ne.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo: To mu ɗauki adashin nan. Shafi ɗaya ya ishe ku. Buɗewa minti 2, rufewa minti 2, saura 21 ku raba wa batutuwa uku. Na farko yadda zubi yake, minti 6: mutum 10, kowa naira 5,000 a mako, mai kwasa ya ɗauki 50,000. Na biyu minti 8, don nan ne naman yake: wanda ya kwasa a makon farko bashi ya ci babu ruwa, na makon goma kuwa ajiya ya yi wa mutane. Na uku minti 7, wanda ya kwasa ya daina zubi, da abin da uwar adashi ke yi.

Abu uku kaɗai ake rubutawa kalma da kalma: jimlar farko ta shirin, alƙaluma, da jimlar da za ta fitar da ku daga batu zuwa na gaba. Sauran a bar wa baki. A ƙarƙashin batu na biyu kai ka rubuta "labarin goggona" kawai, kada ka ba abokinka labarin sai na'ura tana ɗauka. Shi kuma aikinsa a wannan gaɓar ya zama wanda bai yarda ba, ya ce "kai dai faɗi gaskiya, kullum kai ke roƙon kwasar farko". Ka kare kanka, ya ƙara maka ɗaya, ka rama. Zagaye biyu ko uku ya isa. Wanda ke riƙe da agogo sai ya ɗaga yatsa, ɗayan ya karanto jimlar fita: "To shi wanda ya kwashe ya ɓace fa?" Kun koma hanya ke nan, mai sauraro bai ji an ja birki ba.

Don haka ni abin da nake kiransa tun da daɗewa shi ne talala. Akuya tana kiwo yadda ta ga dama, tana ganin a sake take, amma igiya tana jikin turke. Batutuwan nan uku su ne turaku. Masu nazarin waƙar baka ma turke suke kiran abin da waƙa ta ginu a kai, kun ga ba baƙuwar kalma ba ce. Sai in ce "rahar talala".

Bazazzagiya: Malam, bayanin ya shiga, amma sunan bai kwanta mini ba. Duk wanda ya ji talala yanzu ɗaurin talala zai tuna, wanda hukuma ta hana shi fita gida. Ni "raha" kaɗai ta ishe ni, tana da sakin fuska kuma ba dole sai an tuntsire ba.

Ɗan Sabon Gari: "Ka-ce-na-ce" fa?

Ta Maraɗi: Wannan ai rigima ce. "Ba-ni-in-ba-ka" ta fi kusa, don ta nuna mutum biyu ne ke miƙa wa juna. Raha mutum ɗaya ma yana iya yi da jama'a.

Mai Tace Sauti: Ni ba ruwana da suna, kuka na kawo. Wasu da nake yi wa aiki suna ɗauka da waya ɗaya a tsakiyar tabarma, in suka hau maganar juna ba yadda zan raba su. Kowa ya samu makirufonsa da layin sautinsa daban, a manhajar tace sauti ta Audacity ma ana iya jera su, sai in rage ɗaya in bar dariyar ɗayan. Kuma don Allah a daina cewa in yanke duk wani shiru. Ɗan shirun nan kafin mutum ya rama shi ke nuna tunani ya yi, ba karantawa ba. In ta intanet kuke ɗauka kuwa, jinkirin layi yana sa ramuwa ta iso a makare, dole sai na matso da ita da hannu.

Mai Tambaya: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan sa a takardar yaran: kowane batu "turke", wannan ban ji wanda ya musa ba. Ita kuma bantar zan rubuta "raha" a jikin jadawali saboda gajarta, in bayyana ta da misalin akuyar Malam. Ba-ni-in-ba-ka tana raina, tsawonta ne matsala.

Bazazzagiya: Bakano ke nan, har a kalma ma sai ya nemi mai araha.