Fansho na zuwa, amma safiya ta zame mini nauyi tun da na yi ritaya

Assalamu alaikum. Na yi ritaya bayan shekara 35 ina aikin ofis, yanzu kusan wata takwas. Kuɗi ba su ne matsalar ba.

Har yau ƙarfe 5 nake farkawa kamar mai shirin fita, amma daga ƙarfe 8 zuwa azahar ban san inda zan sa kaina ba. Waya ta daina ƙara, ba mai neman sa hannuna. Na gwada tafiyar minti 30 kullum da safe: barci ya gyaru, zuciya ba ta sauya ba. Aikin sa kai ma na shiga, sau biyu a mako, sai na tarar ko ban je ba babu abin da zai tsaya, na bari.

Likita ya auna jini, sukari da maƙoƙo lafiya lau. Amma a 'yan makonnin nan cin abinci ya ragu, karatun da nake so ma ya fita raina, wannan ne ya fi damuna.

Don Allah, da wace alama ake gane kewar aiki ta rikiɗe ta zama ciwon damuwa mai buƙatar ganin likitan ƙwaƙwalwa?