Wanda Ya Rubuta Sunansa a Rajistar Taro, Ya Yarda a Ba Masu Ɗaukar Nauyi Ke Nan?

Alhaji Garba: Ra'ayina shi ne duk wanda ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a rajistar taro da hannunsa ya riga ya amince a yi amfani da su. Kamfanin da ya ɗauki nauyin taronmu ya nemi jerin mutum 240 da suka halarta, kuma ban ga laifin ba shi ba, tunda da kuɗinsa aka kama zauren. Ban kuma ga dalilin goge jerin ba, domin za mu gayyace su baɗi.

Hajiya Rabi: Alhaji, ina ganin ka haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Mutumin nan ya ba ku lambarsa ne domin ku tabbatar masa da kujera, ku sanar da shi idan an sauya lokaci, wataƙila kuma ku aika masa takardar shaidar halarta. A kan wannan kaɗai ya yarda. Kiran da mai talla zai yi masa bayan mako biyu wata manufa ce daban wadda ba a taɓa ambata masa ba. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wato GDPR, wadda ta fara aiki ranar 25 ga Mayu 2018, ta tanadi a sashe na 5 cewa a karɓi bayani don manufa takamaimai, kada a juya shi zuwa wadda ba ta dace da ita ba, kuma kada a riƙe shi fiye da lokacin da manufar take bukata. Dokokin ƙasashe da dama sun bi wannan sawu. Kuɗin da kamfanin ya biya ya sayi sanya tambarinsa a zaure da damar yin jawabi, amma bai sayi amanar da mutane suka ba ku ba.

Malam Sani: Ni a fahimtata maganar ta masu kutse ce. Idan aka sanya wa fayil ɗin kalmar sirri mai ƙarfi kafin a tura wa kamfanin, ai an kare bayanan.

Hajiya Rabi: Malam, kalmar sirri tana hana wanda ba a nufa ba ya buɗe fayil. Abin da muke jayayya a kai shi ne ko wanda aka nufa ɗin ma yana da haƙƙin gani.

Malama Zainab: Bari in kawo abin da ya faru da ni, domin har yanzu yana damuna. Na halarci wani taron ƙara wa juna sani, kuma fom ɗin ya tambayi ko mutum yana da wata lalura da za a kula da ita. Na rubuta cewa ina fama da ciwon suga, don kawai a ba ni damar fita idan na ji jiri. Bayan kusan wata guda sai wani mutum da ban sani ba ya kira ni da cikakken sunana yana tallata mini na'urar gwajin jini. Da na bi diddigi, masu shirya taron suka rantse cewa sun cire wannan layin kafin su tura jerin. Ashe ɓoye shi kawai suka yi a Excel da umarnin Hide, kuma duk wanda ya karɓi fayil ɗin yana iya danna Unhide ya ga komai. Ban yi zargin mugunta ba, amma sirrin lafiyata ya fita daga hannuna, kuma babu yadda za a dawo da shi.

Injiniya Bashir: Allah ya ƙara lafiya, Malama. Saboda irin wannan ne nake cewa a goge komai washegarin taro, a huta. Bayanin da babu shi ba ya zuba.

Hajiya Rabi: Injiniya, ka yi gaskiya a rabi, amma jerin nan ba abu ɗaya ba ne, kowane layi da nasa wa'adin. Mu ɗauki na Alhaji mai mutum 240. Layin lalura da bukatar keken guragu aikinsa ya ƙare da rufe taro, don haka shi ne na farko da za a goge, kuma tun farko bai kamata ya zauna a fayil ɗaya da sauran ba. Mutum ɗaya mai kula da masauki ya ishe shi gani. Lambar waya da adireshin imel suna iya zama har a gama raba takardun shaida da sauraron ƙorafi, a ce kwana 60 ko 90, muddin an rubuta wa'adin a fom kuma an cika shi. Rasit na waɗanda suka biya kuɗin shiga kuwa ba a goge shi washegari, domin dokokin haraji da binciken kuɗi sukan tilasta a ajiye shi na shekaru, sai dai ya zauna wajen akawu, ba a wayar kowa ba.

Sannan gogewa ita kanta aiki ce. Idan aka yi rajista da Google Forms, share layuka daga Google Sheets ba ya share amsoshin da ke cikin fom ɗin, sai an shiga Responses an goge su daban. Ga kwafin da aka tura wa masu tsaron ƙofa ta WhatsApp, ga wanda aka buga a takarda. Idan kuma an bar fayil ɗin a kan "Anyone with the link", wato duk wanda ya samu adireshin fayil ɗin yana iya buɗe shi, to ba wanda zai iya faɗin adadin mutanen da suka sauke shi.

Alhaji Garba: To Hajiya, me zan faɗa wa kamfanin? Idan na hana su, ba za su dawo baɗi ba. Ko in ƙara layi a ƙasan fom cewa duk wanda ya yi rajista ya amince?

Hajiya Rabi: Wannan layin ba izini ba ne, domin mutum ba shi da zaɓi idan yana son shiga taron. Abin da ake yi shi ne a sanya akwati daban, a ambaci sunan kamfanin da abin da za a ba shi, a bar akwatin babu alama, kuma wanda bai cika ba ya shiga taro kamar kowa. Kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2019, a shari'ar Planet49, cewa akwatin da aka riga aka sa wa alama ba ya zama amincewa. Game da taron da ya wuce, ka aika wa mahalarta saƙo da kanka, ka sanya adireshinsu a Bcc don kada su ga na juna, ka ce mai son kamfanin ya tuntuɓe shi ya amsa. Ko mutum 30 ne suka amsa, su kaɗai za ka miƙa. Sauran abin da kamfanin zai samu ƙididdiga ce marar suna, kamar yawan mahalarta da fannonin aikinsu. A saƙon ne kuma za ka tambayi wanda yake son gayyatar baɗi, ka buɗe masa jeri na dabam.

Malam Sani: Na gane yanzu. Amma ga abin da ya fi ƙarfina a wurin aikinmu. Ƙungiyar da ke ba mu tallafi ba ta biyan kuɗin taro sai ta ga takardar halarta mai suna, lambar waya da sa hannun kowa, domin masu binciken kuɗinta su tabbatar ba sunayen bogi ba ne. Takardar nan kuma tana zagayawa hannu zuwa hannu, na ashirin yana karanta lambobin sha tara da suka riga shi, har ya ɗauki hotonsu idan ya so.

Hajiya Rabi: Zagayawar tana da magani: a ba kowa ƙaramin katinsa ya cika ya miƙa, kuma a rubuta a kai cewa mai ba da tallafi zai gani don tantance kuɗi kawai.

Injiniya Bashir: Amma Hajiya, wannan sanarwa ce, ba zaɓi ba, kuma ke kika ce izini sai da zaɓi. Wanda ya ƙi ba da lambarsa, a kore shi daga taron?

Hajiya Rabi: Izini ba shi ne kaɗai hujjar da doka ta sani ba, tantance kuɗi yana iya tsayawa a kan halastacciyar bukata idan an sanar tun farko. Sai dai ni ban gamsu cewa ana bukatar lambar kowa ba, suna da sa hannu sun isa a ganina.

Malam Sani: Su kuma masu binciken sun ce da lambar suke kiran mutum biyar ko goma su ji ko da gaske sun halarta, kuma ba sa faɗin waɗanda za su zaɓa tun da wuri. Zan rubuta musu in tambayi tsawon lokacin da suke riƙe takardun da kuma wanda yake ganinsu, in kawo muku amsarsu.